Bidiyon biki: yadda awa tara ke komawa minti biyar

Na dawo da awa tara daga kyamara biyu. Dole sai na kalla duka?

Dole. Inda ba a magana, danna `L` sau biyu a manhajar yanka ka ninka gudun. Inda ake jawabi kuwa, saurara da gudunsa na asali, duk jimlar da ta tsayar maka da numfashi ka sa mata alama da `M`. In ka gama, abin da ka tsamo kada ya wuce minti talatin.

Wace manhaja ce ta fi?

Wadda hannunka ya saba da ita. DaVinci Resolve, Premiere Pro, Final Cut Pro, duk suna yanka.

Na zaɓi waƙa mai daɗi, na jera hotuna a kanta, amma fim ɗin ba ya taɓa zuciya.

Saboda da waƙa ka fara, kuma na faɗa na sake faɗa, murya ake fara shimfiɗawa. Ka tattaro maganganun ranar, abin da ango ya ce, abin da amarya ta ce, jawaban iyaye da na abokai, ka zaɓi abin da bai wuce minti ɗaya da rabi zuwa biyu ba, ka jera shi babu kiɗa babu hoto. Rufe ido ka saurara. Idan baƙon da bai je bikin ba zai gane su waye mutanen nan biyu, da abin da ya sa na kusa da su ke hawaye, to ka samu fim. Idan ba zai gane ba, babu waƙar da za ta gyara maka. Sai bayan nan za ka nemi kiɗan da ya dace, wanda kake da lasisin amfani da shi.

Sai na bi yadda ranar ta gudana, safe zuwa dare?

Hoto yana iya bin ranar. Murya ba dole ba. Jimlar da aka faɗa da daddare tana iya hawa kan hoton amarya tana shiri da safe. Minti na farko na jira ne: hannu na rawa wajen ɗaura agogo, uwa ta tsaya bakin ƙofa tana kallo. Daga nan a yi ta hawa har wajen minti uku da rabi, inda ƙololuwar take, kuma guda ɗaya tak nake so. Sannan a saki mutane su yi dariya da rawa, a rufe da hoto ɗaya mai natsuwa. In ka zuba kukan duka a sakan talatin na farko, me ka bar wa sauran minti huɗu da rabi?

Hoto nawa zai shiga?

Minti biyar sakan 300 ne. In kowane hoto ya ci sakan uku, ɗari ke nan. Na rawa su gajarta, na ƙololuwa su daɗe.

Mahaifin amarya ya yi jawabin minti bakwai, shi ne mafi kyau a ranar. Yaya zan rage shi? Kuma zan iya ɗora hawayen amarya na wani lokacin a kansa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba amsa ɗaya gare ta ba.

Na taɓa samun kusan irin naka. Dattijon ya kwashe minti biyu yana godiya ga baƙi, ya ba da labarin ƙuruciyarta har guda uku, sannan can wajen ƙarshe ya ce har yanzu idan dare ya yi yakan kasa kunne ya ji ko ta shigo gida. Muryarsa ta karye, ya yi shiru sakan huɗu, ya sunkuyar da kai yana ninke takardar da ke hannunsa. Na zubar da godiyar gaba ɗaya. Cikin labaran uku na ɗauki ɗaya, na lokacin da take ƙarama tana jiransa a ƙofa in ya tafi aiki, domin shi ne ke haɗuwa da jimlar ƙarshen: da ita ke jira, yanzu shi ke jira. Labarin ya koma sakan ashirin, na sa shi a minti na farko. Jimlar ƙarshen da shirun da ya biyo ta, sakan goma sha biyar, na ajiye su ƙololuwa. Mai kallo ya riga ya san ƙofar nan tun farko, shi ya sa da aka dawo mata ta buge shi.

Shirun nan kada ka taɓa shi. Masu koyo suna ganin layin sauti ya kwanta sai su yanke, su ce gibi ne. Ni a wurin ma na janye kiɗan gaba ɗaya, ana jin ƙarar takardar.

Wajen yankan kansa, ka yanka inda ya ja numfashi, kuma ka lura da saukar murya. Mutum idan ya kai ƙarshen magana muryarsa na sauka. In ka tsinke shi a tsakiya, muryar za ta tsaya a sama, kunne zai ji an datse ko da ido bai ga komai ba. Haɗa gaɓoɓin biyu da narkewar sauti ta firem biyu zuwa huɗu, in da rata ka cike ta da shirun ɗakin da makirufonsa ya ɗauka, sannan ka rufe wurin da fuskar mai sauraro don kada kan mai jawabin ya yi tsalle.

To, batun aron hawaye. A nan masu sana'ar sun rabu, ni ma matsayina yakan ɗan motsa gwargwadon aikin. Idan hawayen a cikin wannan jawabin ta yi su, ko da minti biyu ne kafin jimlar, ina ɗorawa, domin shi ya sa ta kuka. Idan kuwa a jawabin ƙawarta ta yi su, ba na yi. Amarya tana wurin, ta san wa ya sa ta kuka, kuma fim ɗin nan gabanta da mahaifinta za a kunna shi shekara da shekaru. Fuskar baƙo da ke sauraro kawai, wannan da sauƙi, kana iya arowa daga kusa, amma duba hasken taga da abin da ke kan tebur. Rana a hoton farko, fitila a na biyu, asirinka ya tonu. In kyamara ta biyu ba ta kama amarya ba sam, kwantar da hankalinka, tsaya a kan uban. Hannunsa a kan takardar nan ya isa. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne ɗinke rabin jimla da wani rabin har dattijo ya faɗi abin da bai faɗa ba.

Kiɗa na danne magana.

Sauke shi desibel 15 zuwa 20 ƙasa da muryar. Gwada a lasifikar waya. In kalma ɗaya ta ɓace maka, ƙara saukewa.

In rage gudun hotunan duka, ba zai fi daɗi ba?

A'a. Abin da ka ɗauka a firem 50 cikin sakan ɗaya ne zai rage rabi lafiya lau a aikin firem 25, na 60 kuma ya sauka zuwa kashi 40 cikin ɗari a aikin 24. Wanda aka ɗauka a 25 in ka ja shi, ciccije zai yi. Kuma leɓe na motsi a hankali murya na tafiya daidai, ba ya kalluwa. Ka bar shi wa hoto uku ko huɗu.

Uwar amarya ta ce ba ta ga ƙanwarta a ciki ba.

Laifinka ne da ba ka tambaya ba. Kafin ka fara yanka ake karɓar sunayen mutum biyar ko shida da dole a gani. Yanzu kada ka ƙara tsawon fim ɗin. Je sashen rawa, cire hoton furanni ko na takalmi, sa fuskar ƙanwar sakan biyu.