Waiwaye: yadda amanar bayanan abokin ciniki ta zama doka, da sa'o'i 72 da ke kan ɗan kasuwa

A Agege, da Idi-Araba, da Mile 12, da duk inda Hausawa ke hada-hada a Legas, da wuya a sami ɗan kasuwar da ba ya riƙe da bayanan wasu mutane. Mai canji yana karɓar hoton katin shaida kafin ya tura kuɗi, mai POS yana da littafin da yake rubuta suna da lambar waya da lambar asusu, mai shirya tafiyar Umara kuma wayarsa cike take da hotunan fasfo na alhazai da hajiyoyi. Shekaru da dama ana kallon wannan a matsayin amana tsakanin mutum da mutum, wadda idan aka ci ta sai dai a bar mutum da Allah, ko a kai ƙara wajen shugaban kasuwa. Yanzu akwai doka a kai, da hukuma, da tara, kuma dokar ba ta ware kamfanin da ke Victoria Island daga shagon da ke bayan tasha ba.

Tushen maganar yana sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa ta waya. Sai dai sashen bai faɗa wa ɗan kasuwa abin da zai yi da takardun da ke hannunsa ba. A tsakanin nan kuwa bayanan jama'a suka yi ta taruwa: an fara rajistar layukan waya a 2011, bankuna suka ɓullo da BVN a 2014, daga ƙarshen 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Da haka lambar wayar mutum ta zama mabuɗin asusunsa na banki da shaidarsa ta ɗan ƙasa, wanda ya mallaki ɗaya yana dab da sauran.

Ƙa'ida ta farko mai haƙora ita ce ƙa'idar kare bayanai ta NDPR, wadda hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar a ranar 25 ga Janairun 2019, watanni takwas bayan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki, kuma kamanninsu ba ɓoyayye ba ne. Ita ta fara tanadar tarar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ko naira miliyan 10 a kan mai riƙe da bayanan mutane fiye da 10,000. Rauninta shi ne ƙa'idar hukuma ce, ba dokar majalisa ba, don haka lauyoyi suka yi ta tambayar ko NITDA tana da hurumin cin tarar ma. Wa'adin sa'o'i 72 na kai rahoton fallasar bayanai kuwa ya fito ne a kundin aiwatarwa da hukumar ta biyo da shi a Nuwamban 2020.

Abin da ya sa talaka ya gane cewa maganar ta shafe shi shi ne manhajojin ba da bashi. Mutum zai ci bashin naira dubu goma ta waya, manhajar ta nemi izinin shiga jerin lambobinsa, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, idan ya makara da biya sai surukansa da limaminsa da maigidansa su sami saƙon cewa shi ɓarawo ne. A watan Agustan 2021 NITDA ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan aiki, a watan Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da bashin a Opebi da ke Ikeja. Hujjar irin waɗannan kamfanoni ita ce ai mai bashin ya amince. Amma surukin da aka aika wa saƙo bai taɓa amincewa da komai ba, shi kuma mai bashin ya yarda ne a ba shi rance, bai yarda a tozarta shi ba. A ganina wannan rikici ne ya fi komai fayyace ma'anar amincewa a Najeriya.

A Fabrairun 2022 gwamnati ta kafa ofishi na musamman na kare bayanai ƙarƙashin Dakta Vincent Olatunji, sannan a Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta mayar da ofishin hukuma mai cikakken iko, wato NDPC. Sashe na 26 ya ɗora wa mai riƙe da bayanai nauyin tabbatar da cewa an ba shi izini, ya kuma ce shirun mutum ko rashin motsinsa ba amincewa ba ne. Mutum yana da ikon janye yardarsa, kuma janyewar ba za ta fi bayarwar wuya ba. Nan akwai abin da 'yan kasuwa da yawa ba su lura da shi ba: amincewa ɗaya ce kawai daga cikin hujjojin da sashe na 25 ya halatta. Wanda ya karɓi fasfo don neman biza yana cika yarjejeniyar da aka yi da shi ne, ba ya buƙatar wata takardar izini a kan wannan. Amma ranar da ya ɗauki lambobin alhazan ya ba ɗan'uwansa mai sayar da filaye a Ikorodu don ya riƙa aika musu talla, ya fita daga abin da aka ba shi bayanan dominsa, kuma sai da yardar kowane ɗayansu.

Sashe na 39 ya wajabta matakan tsaro daidai da yawan bayanan da girman cutarwar da fallasarsu za ta jawo, sashe na 40 kuma ya yi bayanin abin da za a yi idan tsaron ya karye. A nan ne ya kamata a tsaya, domin shi ne wurin da ƙaramin ɗan kasuwa ya fi faɗuwa.

A ɗauka wani kamfanin shirya Umara a Agege yana da maniyyata 340. Kowannensu ya turo hoton fasfo, da katin rigakafi, da rasidin biyan kuɗi ta WhatsApp zuwa wayar yaron ofis, wayar kuma ba ta da wani kulli sai zanen da ake ja da yatsa a kan allo, mai sauƙin ganewa. Ranar Juma'a da ƙarfe shida na yamma aka fizge wayar a Oshodi, yaron kuma, saboda tsoron faɗa, bai gaya wa maigida ba sai da safiyar Asabar. Mutane da yawa suna zaton fallasar bayanai sai an yi kutse a kwamfuta, alhali a dokar duk ɓacewa, ko lalacewa, ko faɗawar bayanai hannun wanda ba shi da izini ta shiga ciki, har da littafin mai POS da aka manta a kan benci. To wannan waya fallasa ce, kuma mai haɗari, domin katin rigakafi bayanin lafiya ne, jerin masu Umara kuma yana nuna addini, duka biyun suna cikin bayanan da dokar ta ba kariya ta musamman.

Dokar ta ce a sanar da NDPC cikin sa'o'i 72 daga lokacin da mai riƙe da bayanan ya san da fallasar, matuƙar tana iya jefa haƙƙin masu bayanan cikin haɗari. Sa'o'i ta ce, ba ranakun aiki ba, saboda haka Asabar da Lahadi suna cikin lissafi. Maigida zai so ya fara ƙirga daga safiyar Asabar da labari ya iso masa, amma abin da ya fi aminci shi ne ya ƙirga daga lokacin da ma'aikacinsa ya sani, wanda ke nufin wa'adin zai cika ranar Litinin da ƙarfe shida na yamma. Kafin nan akwai aikin da ba ya jira: a sa kamfanin sadarwa ya toshe layin a karɓi sabon kati, a goge wayar daga nesa idan an riga an kunna wannan tsari, a canza lambobin sirrin imel da na manhajar banki, a kuma kai rahoto ga 'yan sanda. Sake buɗe WhatsApp a sabuwar waya yana fitar da tsohuwar daga asusun, amma hotunan fasfon da suka riga suka sauka a ma'ajiyar hotuna suna nan inda suke, don haka maigida kada ya ɗauka an gama.

Rahoton da za a aika wa hukumar zai faɗi abin da ya faru, da nau'in bayanan, da ƙiyasin yawan mutanen da abin ya shafa, da cutarwar da ake tsoro, da matakan da aka ɗauka, da wanda za a tuntuɓa a kamfanin. Idan ba a gama tattara komai ba, dokar ta yarda a aika da abin da ya samu, sauran ya biyo baya. Matsalar ita ce kamfanin da ba shi da rajistar maniyyatansa a wani wuri daban ba zai iya cewa 340 ne ko 500 ba, domin jerin sunayen ma yana cikin wayar da aka sace. Shi ya sa nake ganin wa'adin sa'o'i 72 jarrabawa ce ta aikin da aka yi tun kafin tsautsayi ya auku: adana takardu a wuri guda mai kulli, taƙaita waɗanda ke iya buɗe su, da goge hoton fasfo daga waya da zarar biza ta fito.

Saura maniyyatan kansu. Idan haɗarin mai girma ne, dokar ta ce a sanar da su nan take, cikin harshe mai sauƙi da za su fahimta, tare da shawarar yadda za su kare kansu. Ga tsohuwar hajiyar da ba ta karanta Turanci, wannan yana nufin kira ko saƙon murya da Hausa, a gaya mata cewa kamfani bai canza asusu ba, kuma duk wanda ya kira ya ambaci sunanta da lambar fasfonta ya ce ta cika ragowar kuɗi, ko ta karanto masa lambar da banki ya turo mata, kada ta saurare shi. Irin wannan kira shi ne alamar farko da ke nuna cewa an buɗe wayar kuma an fara amfani da abin da ke ciki. Maigida zai ji nauyin faɗa, don kada a ce ya yi sakaci alhazai su gudu, amma kowace sa'a ta shirunsa dama ce ga ɗan damfara. Ko da hukumar ba ta tambaya ba, dole kamfani ya ajiye rubutaccen tarihin kowace fallasa da abin da aka yi a kanta.

Hukuncin da sashe na 48 ya tanada ya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe da bayanai kuma miliyan 10 ko kashi 2 ɗin, baya ga diyyar da wanda aka cutar zai iya nema a kotu. Hukumar ta nuna da gaske take: a Agustan 2024 ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, bankin kuma ya musanta cewa ya karya doka, a Yulin 2025 kuma ta ci kamfanin MultiChoice tarar fiye da naira miliyan 766. A Maris na 2025 ta fitar da babban umarnin aiwatar da dokar, GAID, wanda ya fara aiki a Satumban 2025 ya kuma maye gurbin NDPR ta 2019, kuma shi ne yanzu ɗan kasuwa ko lauyansa zai duba tare da dokar 2023 idan yana son sanin ko yawan abokan cinikinsa ya kai matakin da sai ya yi rajista da hukumar.