Dokar sin²θ + cos²θ = 1: daga ina ta fito?

Yaran da nake yi wa darasin yamma a Aboabo, nan Kumasi, duk sun haddace wannan doka saboda jarrabawar WASSCE, amma ka tambaye su dalilinta sai a yi tsit. Alhali dokar Fitagoras ce ta sake riga.

Ɗauki kwampas ka zana da'ira, tsakiyarta a mahaɗar layin x da layin y, tazarar tsakiya zuwa baki ta zama 1. Santimita ne ko taku, ba ruwanmu, ɗaya dai. Daga layin x na hannun dama ka buɗe kusurwa θ, kana juyawa saɓanin tafiyar hannun agogo, ka ja layi daga tsakiya har ya taɓa bakin da'irar a wani ɗigo, mu kira shi P. Nisan da P ya yi a kwance shi ne cos θ, tsayin da ya hau a tsaye kuwa shi ne sin θ. Ma'anarsu ke nan a kan wannan da'ira.

To, sauko da layi daga P ya dira a miƙe kan layin x. Ga alwatika mai kusurwar digiri 90 ta fito, gindinta cos θ, tsayinta sin θ, dogon gefenta kuma 1. Fitagoras ya ce ka ninka kowane gajeren gefe da kansa, ka haɗa su, za su ba ka dogon gefe ninke da kansa: cos²θ + sin²θ = 1² = 1.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, in kusurwar ta wuce 90 fa?" Tambaya ce mai kyau. A digiri 150, P ya koma hagu, cos ya zama −√3/2, sin kuma 1/2. Amma lamba mai alamar ragi in an ninka ta da kanta, alamar ɓacewa take yi: 3/4 + 1/4 = 1. A digiri 90 cif alwatikar ma babu ita, sai dai P yana (0, 1), lissafin bai rushe ba.

Wannan ɓacewar alama ita ke cin makin yara. A ce sin θ = 3/5, kusurwar kuma tana tsakanin 90 da 180. Sai cos²θ = 1 − 9/25 = 16/25, wato cos θ ko 4/5 ne ko −4/5. Dokar ba za ta zaɓa maka ba, sai ka koma ka dubi zanen. P yana hagu, amsa −4/5.

A kula da kalkuleta kuma. sin²30° na nufin (sin 30°)², wato 0.25. Wanda ya fara ninka 30 da kansa, sin 900° ya nema, abin da zai gani a allo kuwa 0 ne.