Sikirin rida ba mai karanta labarai ba ce

Kwanan nan duk taron da aka yi kan masu lalurar gani sai ka ji an ambaci sikirin rida, a gidajen rediyo kuma a fassara ta da “manhajar da ke karanta wa makaho duk abin da ke kan allo”. Wannan “duk” ɗin ne ke damuna. Wa ke da lokacin da zai saurari jerin mahaɗan da ke saman shafi da tallace-tallace kafin ya iso ga labarin da ya zo nema? Gwanin sikirin rida tsallake yake yi da madannai, murya tana gaya masa inda ya sauka.

Mu ɗauki NVDA, manhajar kyauta da Michael Curran ya fara a Ostiraliya a 2006, daga baya James Teh ya haɗu da shi, dukansu makafi. Mutum ya buɗe shafin jarida, sai ya danna H, ta kai shi kanun farko. Ya ƙara dannawa, ta kai shi na gaba. Idan ya zarce, Shift da H su dawo da shi baya. Lambobi 1 zuwa 6 kuma suna zaɓar matakin kanu, don haka 1 kan kai shi babban taken labarin kai tsaye. Daga nan ne zai danna Insert da kibiyar ƙasa a fara karatu, Ctrl kuma ya tsayar da muryar.

Sai dai H ba ta ganin girman rubutu. Abin da take nema shi ne alamar da maginin shafi ya sa a ciki, kamar `<h2>`. In ya ƙara wa rubutu kauri da girma kawai, mai ido zai ga kanu, makaho kuwa ya ji “no next heading”, wato babu wani kanu a gaba, a shafin da ke cike da kanu. Daga nan sai bin layi ɗaya-ɗaya da kibiya. A ganina, shafin da ya gaza a nan bai cancanci a ce makafi na iya amfani da shi ba, ko me aka rubuta a takardar kwangila.

Wasu kuma sun ɗauka Tab ce komai. Tab a kan abin da ake dannawa ko cikewa kawai take tsayawa, sakin layi tsallake shi take yi.

Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne gurbin rubutu. Madannin E na kai shi gurbin, ya danna Enter ya ji ɗan sauti, daga nan H ta koma harafi kawai, domin manhajar ta bar yanayin lilo ta shiga na rubutu. In ya danna H ya ji an ambaci harafin maimakon kanu, Insert da Space ne za su fito da shi.