Jerawa ta hanyar ƙirge

Jerawa ta hanyar ƙirge dabara ce ta tsara cikakkun lambobi daga ƙarama zuwa babba ba tare da an gwada wata da wata ba. Ana danganta ta ga Harold H. Seward, wanda ya bayyana ta a 1954. Sharaɗinta guda ne: lambobin su kasance cikin ɗan ƙaramin zango da aka sani tun farko.

A ce ga jerin 3, 0, 2, 3, 1, 0, 3. Babu wadda ta wuce 3, don haka sai a tanadi gurabe huɗu, daga 0 zuwa 3, kowanne da sifiri a ciki. A bi jerin sau ɗaya, duk lambar da aka tarar a ƙara ɗaya a gurbinta. Da an kai ƙarshe, guraben za su nuna 2, 1, 1, 3, wato sifiri biyu, ɗaya guda, biyu guda, uku sau uku. Sai a rubuto su bi da bi: 0, 0, 1, 2, 3, 3, 3.

```python
def counting_sort(a, k):
    c = [0] * k
    for x in a:
        c[x] += 1
    return [v for v in range(k) for _ in range(c[v])]
```

Idan kowace lamba tana ɗauke da wani bayani, kamar maki da sunan mai shi, sai an ƙara mataki. Ana tara ƙirgen gurbi bayan gurbi, ya koma 2, 3, 4, 7, wanda ke nuna inda rukunin kowace lamba zai ƙare. Daga nan a bi jerin asali daga baya zuwa gaba, ana ajiye kowane abu a mazauninsa, ana rage ɗaya a gurbin. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe: in aka bi daga gaba, lambobin za su jeru daidai, amma masu maki ɗaya za su fito a juye.

Duk dabarar da ta dogara da gwada lambobi biyu-biyu, aikinta a mafi munin hali ba ya sauka ƙasa da `n log n`. Ƙirge bai shiga wannan ƙa'ida ba, domin lambar ce da kanta take nuna gurbinta. Aikinsa `O(n + k)` ne, inda `n` yake yawan lambobi, `k` kuma faɗin zango, wato yawan gurabe. Ga makin jarrabawa miliyan ɗaya tsakanin 0 da 100, gwadawa za ta ci miliyoyin kwatanci, alhali ƙirge zagaye biyu ko uku ne da gurabe 101 kacal.

Da zarar `k` ya yi wa `n` nisa, ribar ta tafi. Lambobi dubu masu bit 32 za su nemi gurabe 4,294,967,296, kimanin gigabait 16 in kowane gurbi bait huɗu ne, kuma kusan duka fanko. Shi ya sa ya kamata a fara duba tazarar da ke tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta. In akwai lambobin ƙasa da sifiri, sai a cire mafi ƙanƙanta daga kowacce kafin ƙirge, a mayar da ita wajen rubutawa.