Tazarar kariya: yadda ake yanke hukunci idan awo ya faɗo kusa da iyaka

Tazarar kariya, wadda ma'aikatan ɗakin gwaji ke ce ma gad-ban, ɗan fili ne da ake yankewa daga cikin iyakar da anka yarda ma kaya, don kada a karɓi abin da awonsa ya nuna yana ciki alhali a zahiri ya tsallake. Dalilinta ɗaya ne: babu awon da ke faɗin ainihin girman abu tsaf, kowane awo yana tafe da nasa rashin tabbas. Idan abin da ka auna ya faɗo tsakiyar iyaka wanga rashin tabbas bai dame ka ba, amma idan ya faɗo bakin layi to lambar da ka karanta ba ta isa ta gaya maka ko kayan ya ci ko ya faɗi ba, dole sai da ƙa'idar yanke hukunci wadda anka shirya tun kafin a auna.

Abin ya fi saurin shiga kai da misali. A ce wani mai gyaran injin ban ruwa a Sakkwato ya kai aiki wurin masu sassaƙa ƙarfe, yana son sandar ƙarfe da za ta shiga cikin wani rami, zanen ya ce kaurinta milimita 25.00, an yarda ta ƙaru ko ta ragu da 0.05. Ke nan iyakar ƙasa 24.950, iyakar sama 25.050. Ana auna ta da maikuromita, na'urar auna kauri mai kaifin awo, kuma da anka haɗa duk abubuwan da ke kawo kuskure, wato kuskuren ita maikuromitar kamar yadda takardar gwajinta ta nuna, da bambancin hannun mai awo, da zafi, sai rashin tabbas da anka faɗaɗa ya fito U = 0.010 milimita. Wanga U ana samunsa ne ta hanyar ninka ƙaramin rashin tabbas u da k = 2, don haka u = 0.005, kuma ma'anarsa ita ce kusan kashi 95 cikin ɗari ainihin kaurin yana cikin 0.010 sama ko ƙasa da abin da anka karanta.

To mai awo ya karanta 25.046. A ido ta ci, tunda ba ta kai 25.050 ba. Amma tsakaninta da iyaka 0.004 ne kacal, idan ka raba da u za ka samu 0.8, kuma idan kuskuren awon yana bin rabon nan na yau da kullum mai siffar ƙararrawa, yiwuwar ainihin kaurin ya wuce iyaka kusan kashi 21 cikin ɗari ne. Wato cikin sanduna biyar da sunka ba da wagga lamba, ana sa ran guda ta fi ƙarfin ramin. Da a ce an karanta 25.050 cif, daidai kan layi, to rabi da rabi ne, kashi 50. Wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, suna ganin tunda allon ya nuna lamba mai gurbi uku ai magana ta ƙare.

Ƙa'ida mafi sauƙi ita ce a karɓi duk abin da awonsa ya faɗo cikin iyaka a ƙi wanda ya fita, ba tare da wata tazara ba, wato faɗin tazara w = 0. Ana ce mata karɓa kai tsaye ko raba kasada, don mai yi da mai saye duka sun ɗauki nauyin kuskuren. Ba haramun ba ce, kuma tana da wurinta, amma sai idan kayan awon sun fi iyakar kaifi sosai. Shi ya sa ake duba rabon faɗin iyaka da rashin tabbas, wanda ake rubutawa TUR, faɗin iyaka gaba ɗaya a raba da 2U. A misalinmu 0.100 a raba da 0.020 ya ba da 5:1, ya wuce 4:1 ɗin da aka saba nema. Duk da haka a sani, TUR mai kyau yana rage yawan kayan da ke faɗowa wurin shakka ne kawai, ita dai sandar da ta ba da 25.046 kasadarta tana nan kashi 21.

Idan an sa tazarar kariya sai a ja layin karɓa ciki. Lissafin shi ne AL = TL − w ga iyakar sama, inda TL ita ce iyakar zane, AL iyakar karɓa, w kuma faɗin tazarar, ga iyakar ƙasa kuma ƙarawa ake yi. Wadda anka fi amfani da ita w = U. Ga sandarmu layin karɓa ya koma 24.960 zuwa 25.040. Duk sandar da ta ba da 25.040 cif tana nesa da iyaka da u biyu, yiwuwar ta tsallake kusan kashi 2.3 ne, shi ya sa ake cewa wagga ƙa'ida tana riƙe kasadar karɓar mugun kaya ƙasa da kashi 2.5. Sandar 25.046 kuwa ba ta shiga ba. Kuɗin da anka biya shi ne fili ya ragu daga 0.100 zuwa 0.080, kuma cikin abin da za a ƙi akwai masu kyau da yawa, ita kanta 25.046 ai kashi 79 lafiyarta ƙalau. Mai sassaƙa ne zai sha asarar ƙarfe da lokaci, don mai saye ya kwana da kwanciyar hankali.

Ba dole ne w ta zama daidai U ba. Jagorar ILAC-G8 ta 2019, wadda ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu tantance ɗakunan gwaji ta fitar, ta kawo misalai: w = 0.83U tana ba da kasada ƙasa da kashi 5, w = 1.5U ƙasa da kashi 0.16, w = 3U kuma ƙasa da ɗaya cikin miliyan. Ta 0.83U ɗin ita ce ta yi daidai da ISO 14253-1 bugun 2017, ma'aunin da ya shafi awon girma da siffar kayan ƙira, inda ake neman tabbacin kashi 95 kafin a ce kaya ya dace. A namu lissafin layin zai zauna wajen 25.042. Zaɓin ya danganta da abin da zai faru idan mugun kaya ya wuce, sandar injin ban ruwa daban, ƙarfen birkin mota daban.

Akwai kuma tazarar da ake turawa waje maimakon ciki, w = −U, kuma nan ne nake ganin hikimar abin ta fi fitowa. Ƙa'idar ISO 14253-1 ita ce rashin tabbas yana hawa kan wanda ke son ya tabbatar da magana. Mai sassaƙa da ke cewa kayana sun dace, shi zai janye ciki. Mai saye da ke son ya maido kaya yana cewa sun lalace, shi kuma sai awonsa ya wuce iyaka da tazara kafin a yarda da shi, da w = −U sai ya samu sama da 25.060. Idan ya karanta 25.054 bai tabbatar da komai ba, don kashi 21 sandar tana ciki. Haka hukumomi masu cin tara kan yi, ba a hukunta mutum sai awo ya wuce iyaka fiye da kuskuren na'urar. Tsakanin 25.040 da 25.060 kuwa fili ne da babu wanda ke iya tabbatar da komai da wanga kayan awo.

Saboda wanga fili ne wasu ɗakunan gwaji ba su tsayawa kan ya ci ko ya faɗi kawai, suna ba da hukunci huɗu. Ƙasa da 25.040 ya ci. Daga nan zuwa 25.050 ya ci da sharaɗi. Daga 25.050 zuwa 25.060 ya faɗi da sharaɗi, sama da haka ya faɗi. Amfaninsa shi ne mai kaya ya san wane ne za a sake aunawa da na'ura mafi kaifi maimakon a jefar.

Babban wurin da abin ke lalacewa shi ne U ɗin kansa. Tazarar ba ta da wata albarka idan rashin tabbas ɗin da anka gina ta a kai ƙarami ne na ƙarya, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne a kwafo lambar da ke kan takardar gwajin maikuromita a ce ita ce U, a manta da zafi da hannu da ƙura. Girman da ake rubutawa kan zane ana nufinsa ne a zafin digiri 20, Sakkwato kuwa a watan Afrilu ana wuce 40. Ƙarfe yana buɗewa kusan maikuron 11.5, wato milimita 0.0115, a kowace mita kan kowane digiri. Idan sanda da maikuromita duka ƙarfe ne kuma zafinsu ɗaya, suna buɗewa tare kuskuren ya kusa shafewa, matsalar ita ce sandar da anka sauke yanzu daga inji tana da ɗumi a hannu. Idan ta fi maikuromita zafi da digiri 10, milimita 25 za ta ƙaru da kusan 0.003, kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar gaba ɗaya. Kuma wanga kuskure ba ya yawo sama da ƙasa, gefe guda yake turawa, sandar da ta ba da 24.962 da zafi idan ta huce ta koma 24.959, ta fita daga layin karɓa. Alamarsa mai sauƙi ce, a aje sandar kusa da maikuromita ta huce, a sake aunawa, idan lambar ta sauka to da ma zafi ake aunawa. Maganinsa a bari ta huce ko a gyara lissafi, faɗaɗa tazara ba ya maganin kuskuren da anka san gefensa.

Wani lokaci kuma tazarar ce ke tona cewa kayan awon ba su isa ba. Da a ce da kalifa anka auna, na'urar da ba ta kai maikuromita kaifi ba, U ɗinta ya kai a ce 0.030, layin karɓa zai koma 24.980 zuwa 25.020, fili 0.040 kawai ya rage cikin 0.100, TUR bai kai 2:1 ba. Nan ba gardamar ƙa'ida ake buƙata ba, maikuromita za a nemo. Sai kuma a kiyayi cike lamba kafin hukunci, 25.044 idan anka rubuta ta 25.04 ta shige layin karɓa ta ƙofar baya, don haka a fara kwatantawa da cikakkiyar lamba sannan a cike don rahoto.

Duk lissafin nan na sama kasadar sanda guda ce da ke hannu. Akwai wani lissafi daban da ke duba kasadar dukkan kayan da ke fitowa daga inji ko dukkan na'urorin da ake kawowa gwaji, wanda ke buƙatar sanin yadda kayan sunka saba rarrabuwa, kuma a kansa ne ma'aunin Amurka ANSI/NCSL Z540.3 na 2006 ya sa iyakar kashi 2. Kashi 2 ɗin can da kashi 2.5 ɗin nan ba abu ɗaya suke aunawa ba, kada a gwama su. Cikakken bayanin lissafin duka biyun yana cikin jagorar JCGM 106 ta 2012.

Ga ɗakunan gwaji masu shaidar ISO/IEC 17025, ma'aunin ƙwarewar ɗakunan gwaji, bugun 2017 ya wajabta abin. Sashe na 7.1.3 ya ce idan mai kaya ya nemi a faɗa masa ko kaya ya dace, a fayyace ƙa'idar hukunci a gaya masa ya yarda tun wajen karɓar aiki, sai dai idan ma'aunin da ake bi ya riga ya ƙunshe ta. Sashe na 7.8.6 kuma ya ce rahoto ya nuna wane sakamako hukuncin ya shafa, wace iyaka, da wace ƙa'ida anka bi. Ga sandarmu rahoton zai ce an auna 25.046 milimita, U = 0.010 da k = 2, iyakar sama 25.050, an bi w = U da hukunci huɗu kamar yadda anka yarda, sakamako ya ci da sharaɗi.