Inda Zafin Bututun Tururi Yake Tafiya: Rabi Iska, Rabi Huci

Duk wanda ya shiga ɗakin turara shinkafa a Sakkwato ya san yadda bututun tururi ke dukan fuska da zafi tun kafin ka isa kusa da shi. Wannan zafin kuɗin icce ne ko na gas yake tsiyayewa, kuma ana iya lissafa shi. Abin da ke damuna shi ne masu lissafin da yawa rabi kawai suke ƙirgawa.

Ta hanya biyu zafi ke barin bututu. Ta farko ita ce iska: wadda ta taɓa ƙarfen sai ta yi zafi, ta yi sauƙi, ta hau sama, mai sanyi ta maye gurbinta. Wannan kwasar iska dokarta mai sauƙi ce, ana jingina ta ga Newton: zafin da ya tafi yana ƙaruwa daidai da faɗin jikin bututu da kuma ratar zafi tsakaninsa da iska. Ta biyu ita ce huci, irin wanda kake ji daga garwashin mai tsire kana nesa da shi. Huci ba ya buƙatar iska, kai tsaye yake tafiya daga ƙarfe zuwa bango da rufi da ƙasa. Stefan ya gano dokarsa a 1879, Boltzmann ya kafa mata hujja a 1884, kuma tana da wuyar sha'ani, domin sai an ninka ma'aunin zafi da kansa har sau huɗu.

To ta yaya za a tara abubuwa biyu da ba su yi kama ba? Dabarar ita ce a warware bambancin nan na ninki huɗu, a fitar da ratar zafi zalla a gefe, sauran kuma a dunƙule shi wuri guda a kira shi `h_r`, wato ma'aunin huci. Daga nan ya zama ɗan'uwan `h_c`, ma'aunin kwasar iska:

```
h_r = ε σ (Ts + Tb)(Ts² + Tb²)
q = (h_c + h_r) A (Ts − Ta)
```

`q` shi ne jimlar zafin da ke barin bututu, `Ts` zafin jikin bututu ne, `Tb` na bango, `Ta` na iskar ɗaki, `A` kuma faɗin jikin bututu. `σ` ba ya sauyawa, `5.67 × 10⁻⁸ W/m²K⁴`. Shi kuwa `ε` yana nuna yadda fatar ƙarfe ke sakin huci, daga sifili zuwa ɗaya.

Mu ɗauki bututun ƙarfe tsirara, wanda ya yi tsatsa, a kwance, kaurinsa ta waje santimita 6, tsawonsa mita 10. Jikinsa yana digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, iskar ɗaki da bango suna digiri 35. Faɗin jikinsa ya kama murabba'in mita 1.885, ratar zafi kuma digiri 115.

A fara da huci. Ƙarfe mai tsatsa `ε` ɗinsa wajen 0.8 ne. Dole a mai da zafi zuwa ma'aunin Kelbin, wato a ƙara 273, sai a sami 423 da 308. Jimlarsu 731. Kowanne a ninka shi da kansa a tara, 273,793. A ninka waɗannan biyu da `σ` da 0.8, `h_r` ya fito 9.1.

Sai iska. Ga bututu a kwance cikin iskar da babu fankar da ke kaɗa ta, akwai gajeriyar ƙa'ida ta kintace, inda `D` yake kaurin bututu a mita, `ΔT` kuma ratar zafi tsakanin bututu da iska:

```
h_c = 1.32 (ΔT / D)^0.25
```

A raba 115 da 0.06, a ɗauki saiwa sau biyu, a ninka da 1.32, sai a sami 8.7. Kintace ne, ƙa'idoji masu zurfi suna ba da ƙasa da haka kaɗan, wajen 7 da ɗoriya, don haka kada a riƙe shi da ƙarfi.

Yanzu a tara: 17.8. A ninka da 1.885 da 115, amsar ta kai wat 3,860, kusan kilowat 4. A ciki, huci ya ɗauki wajen wat 1,970, iska wajen 1,890. Wanda ya manta huci ya zubar da fiye da rabin asarar ke nan. Kuma wannan lissafi ana iya gwada shi da ido. Kowane kilo na tururi mai digiri 150 yana sakin kimanin kilojul 2,100 idan ya koma ruwa, saboda haka bututun nan kaɗai yana mai da kilo 6 da rabi na tururi ruwa a kowace awa, kafin ya kai ga shinkafa. A tari ruwan da ke fita ta mafitarsa na awa guda a auna. Idan ya zarce haka nesa ba kusa ba, a duba ko tukunya tana turo ruwa tare da tururi, ko iska tana busa bututun.

Kuskuren da na fi gani shi ne sa 150 da 35 kai tsaye cikin `h_r`. Amsar za ta fito 0.2, mutum ya ce ai huci ba komai ba ne. Alamar ganewa ita ce, ƙarfe mai duhu a ɗaki irin namu ba ya ba da ƙasa da 5 ko kusa da haka. A ratar zafi babu laifi a yi amfani da Salshiyas, tunda 115 ce ta kowane ma'auni. A cikin `h_r` ne kawai ba ya yiwuwa.

Sannan `h_r` ba lamba ba ce da za a haddace. Idan bututun ya sauka zuwa digiri 80, sai ta koma 6.6. Akwai gajeriyar hanya, `4εσTm³`, inda `Tm` yake matsakaicin zafin biyun a Kelbin. A misalinmu tana ba da 8.9, kuskuren bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, amma yana girma idan rata ta yi faɗi sosai.

Sharaɗin da ya fi shafarmu a nan shi ne na bango. Tara ma'aunan biyu yana halatta ne kawai idan abin da ya kewaye bututu da iskar ɗaki zafinsu ɗaya. A bazarar Sakkwato, watan Afrilu da tsakar rana ƙarƙashin rufin kwano, ba haka ba ne. Kwanon ya fi iska zafi nesa, kuma shi ma yana maido wa bututu nasa hucin. A ce abin da bututu yake fuskanta ya tashi digiri 50, iska kuma tana nan 35. To a nan sai a raba lissafi, iska da ratarta 115, huci da tasa 100. `h_r` zai ɗan hau zuwa 9.6, amma asarar huci ta sauka zuwa wajen wat 1,810. Da hunturu kuwa, idan iska na shigowa ta taga tana bugun bututu, `h_c` ne ke tashi, ƙa'idar 1.32 ta daina aiki, huci kuma yana nan yadda yake.

Shi ya sa ake yi wa bututu riga ta alminiyam mai sheƙi. Idan `ε` ya sauka zuwa 0.1, a zafi guda `h_r` ya koma 1.1, asarar ta dawo wajen kilowat 2.1. Sai dai ƙurar hunturu tana dusashe sheƙin, `ε` ya sake hawa, kuma riga ba ta maye gurbin audugar gilas da ake naɗawa a ƙarƙashinta don rage zafin fatar kanta. Na'urar auna zafi daga nesa ma huci take karantawa, a kan ƙarfe mai sheƙi za ta nuna ƙasa da gaskiya. A shafa ɗan baƙin fenti mara ƙyalli a wuri guda, a bari ya ɗauki zafin ƙarfen, sannan a auna a nan.