Sauraron waƙa, rediyo da fodkas ba tare da intanet ba a doguwar tafiya

Sauraro ba tare da intanet ba na nufin mutum ya sauke sauti cikin wayarsa tun kafin ya tashi, ta yadda manhajar za ta kunna shi daga ma'ajiyar wayar ko da sabis ya ɗauke. Hausawan Legas da ke hawa motar Arewa daga Agege ko Mile 12 sun san amfanin wannan, domin tafiyar Kano ta kai kimanin kilomita dubu, tana cin yini da dare, kuma akwai dazuzzuka a hanya inda sabis ke zuwa yana tafiya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, saukewa ita kaɗai ba ta rage data. Waƙar da aka sauke da wadda aka saurara kai tsaye nauyinsu ɗaya ne matuƙar ingancin sautinsu ɗaya ne. Ragin yana zuwa ne daga ingancin da aka zaɓa, da inda aka sauke, da kuma cewa abin da ke cikin waya ana iya maimaita shi sau ɗari ba tare da an sake biya ba.

Ana auna ingancin sauti da kbps, kuma lissafinsa ba shi da wuya: sautin 64 kbps yana cin kusan MB 29 a awa ɗaya, na 96 yana cin kusan 43, na 320 kuwa 144. Ɗauki ɗan kasuwar da zai bar Agege zuwa Kano, wanda ya ƙiyasta zai saurari awa goma, sauran lokacin kuma barci da salla da hira. Idan ya sauke awa shida na waƙa a 96 da awa huɗu na karatu ko shirye-shiryen magana a 64, abin da zai kashe bai wuce MB 375 ba. Da a 320 ya sauke duka, da ya doshi GB ɗaya da rabi, alhali cikin rurin inji da ƙaramin abin sauraro na kunne da wuya ya ji bambancin. Muryar mai magana ma ba ta buƙatar fiye da 64. Idan kuma ya yi saukewar a Wi-Fi na wurin aiki, ko da datar dare mai rahusa da kamfanonin layi ke sayarwa, kuɗin ya ƙara sauka.

Manhajojin sun bambanta a sharuɗɗansu. Boomplay, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2015 kuma take zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix da itel, da kuma Audiomack, sun samu karɓuwa saboda suna barin a sauke waƙoƙi da dama kyauta. Spotify, da ta shigo ƙasar a 2021, tana barin kowa ya sauke fodkas, amma sauke waƙa sai mai biyan kuɗin wata, kuma dole wayar ta hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba abin da aka sauke ya daina kunnuwa. Ga mai neman fodkas zalla, AntennaPod kyauta ce a Android kuma ba ta da talla. Ya kamata a sani cewa waƙar da aka sauke a manhaja irin Spotify a kulle take, ba a iya tura ta ta Xender kamar MP3 ɗin da masu ɗura waƙa a kasuwa ke zuba wa mutum a memori.

Rediyo kuwa iri biyu ne. Wanda ke zuwa ta intanet ba ya aiki sai da sabis, sai dai a sauke shirye-shiryensa da aka riga aka watsa, kamar na BBC Hausa ko na RFI Hausa, wadda ta fara watsa shirye-shirye daga Legas a 2007. Rediyon FM da ke cikin wayoyi da yawa ba ya cin data ko kaɗan, amma galibi yana buƙatar abin sauraro mai igiya domin igiyar ce eriyarsa, kuma tashoshin Legas kan dushe kafin a kai Ibadan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sa wa waƙa alamar so ko ya jera ta a jerinsa, ya ɗauka ya sauke ta. Gwajin mai sauƙi ne: tun yana gida ya kunna Airplane mode, ya buɗe abu uku ko huɗu daga tsakiyar jerin, ya ja kowanne zuwa ƙarshe. Wanda ya ƙi kunnuwa ko ya tsaya a rabi bai gama sauka ba, kuma sau da yawa cikar ma'ajiyar waya ce sanadi. A hanya ma barin wayar a wannan yanayi yana hana manhaja janyo talla da bidiyo duk lokacin da sabis ya dawo, yana kuma rage cin caji, domin waya ta fi shan batir idan tana ta neman sabis mai rauni. Wanda ke jiran kira sai ya kashe data kawai ya bar layin a buɗe.